Makyuri Ba Ta Taɓa Ja Da Baya Ba: To Me Ya Sa Ake Ɗora Mata Laifi?

A yammacin Litinin, 4 ga Oktoba 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke baki ɗaya a faɗin duniya. Aka yi kusan awa shida saƙo ba ya fita, ba ya shiga. Da abubuwa suka daidaita, kamfanin ya yi bayani cewa kuskure aka yi wajen saita na'urorin da ke haɗa manyan rumbunansa, kuskuren kuma ya yanke su daga sauran intanet. Amma mutane da yawa, musamman a Amurka da Turai, sun riga sun yanke nasu hukuncin tun kafin bayanin ya fito. Kalmomi biyu suka yi ta rubutawa: "Mercury retrograde". Manufarsu ita ce duniyar Makyuri tana ja da baya a sararin sama, don haka ba abin mamaki ba ne a ce sadarwa ta rikice.

Mai yawan duba waya a cikinmu da wuya a ce bai taɓa cin karo da waɗannan kalmomi ba. Ana ɗora musu laifin saƙon da ya tafi lambar da ba ita ba, da jirgin da ya makara, da ƙawayen da suka ɓata a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Akwai masu ƙin sa hannu a yarjejeniya ko sayen sabuwar waya har sai lokacin ya wuce. Abin da ya sa batun ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, rabinsa gaskiya ne. A wancan makon na Oktoba, wanda ya auna matsayin Makyuri a sama zai tarar lallai ta juya akala. Tambayar ita ce: me ya juya, ita ko idonmu?

Wace ce Makyuri?

Makyuri ita ce duniya mafi kusa da Rana, kuma mafi ƙanƙanta cikin duniyoyi takwas da ke zagaye ta. A littattafan Larabci ana kiranta Uɗaridu. Tsakaninta da Rana kimanin kilomita miliyan 58 ne, mu kuwa muna nesa da Rana da kimanin kilomita miliyan 150. Saboda kusancin nan, hanyarta gajera ce, gudunta kuma ya fi na kowace duniya. Tana gama zagayen Rana cikin kwana 88, alhali duniyarmu sai ta yi kwana 365 da 'yan awoyi.

Kafin mu yi nisa, akwai tafiya iri biyu a sama da ya kamata mu raba, domin a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: Rana da wata da taurari suna fitowa daga gabas, su faɗi yamma. Wannan juyawar duniyarmu ce a kan kanta, sau ɗaya a kowane awa 24, kuma ba ta taɓa canzawa. Ko Makyuri na "ja da baya", daga gabas take fitowa, yamma take faɗuwa.

Tafiya ta biyu ba ta bayyana a dare guda. Taurari na ainihi suna da nisan gaske, har tsarinsu bai canzawa a idonmu. Yadda kakanninmu suka ga Kaza da 'Ya'yanta, haka muke ganinsu. Duniyoyi kuwa maƙwabtanmu ne. Idan muka lura da ɗaya daga cikinsu yau, muka sake dubawa bayan mako guda a daidai wannan lokaci, za mu ga ta ɗan matsa a tsakanin taurarin. Yawancin lokaci gabas take matsawa. Amma lokaci-lokaci sai ta rage gudu, ta tsaya, ta koma yamma na wasu makonni, ta sake tsayawa, sannan ta ci gaba da tafiyarta ta gabas. Wannan komawa yamman ita ake kira ja da baya.

Mu gwada a filin makaranta

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin ita ce mu fita filin ƙwallo mu uku. Mutum ɗaya ya tsaya a tsakiya, shi ne Rana. Mu zana da'ira biyu a ƙasa kewaye da shi, ƙarama mai nisan taku huɗu daga gare shi, babba mai nisan taku goma. Wannan ya yi kusa da yadda nisan Makyuri da namu yake. Ɗaya ya hau ƙaramar da'ira ya riƙa sassarfa, shi ne Makyuri. Na ukun, wato kai mai kallo, ka hau babbar kana tafiya a hankali. Ku biyun ku riƙa zagayawa ɓangare ɗaya, akasin yadda hannun agogo ke juyawa. Katangar makaranta da bishiyoyin da ke can nesa su ne taurari.

Yanzu ka sa ido a kan mai sassarfar, ka lura da abin da ke bayansa. Idan yana can ƙetaren wanda ke tsakiya, za ka ga yana wuce bishiyoyi zuwa hagunka. Da ya kewayo ya fara doso ka, sai tafiyarsa zuwa hagu ta ragu, har ya zama kamar ya tsaya a saitin bishiya ɗaya. Sannan ya gifta ta gabanka, tsakaninka da na tsakiya, kuma a wannan karon zuwa damanka yake wucewa. Da ya yi gaba ya fara nisa, sai ya sake yin kamar ya tsaya, ya koma tafiya hagu.

Ka tambaye shi ko ya juya, zai ce maka a'a. Ɓangare ɗaya yake ta zagayawa tun farko. Abin da ya faru shi ne ya riske ka ta hanyar ciki ya wuce. Lokacin da yake giftawa ta gabanka, ku biyun dama kuke nufa, amma ya fi ka sauri, shi ya sa ka ga ya yi dama. Haka abin yake a sama. Makyuri na tafiyar kimanin kilomita 47 a kowane sakan, duniyarmu na yin kimanin 30. Idan ta shiga tsakaninmu da Rana, tana wuce mu da rarar kilomita 17 a sakan, kuma wannan wucewar ce muke gani kamar ja da baya.

Akwai hujja guda mai daɗi a kan cewa lamarin na wurin tsayuwar mai kallo ne. Da a ce wani na tsaye a kan Makyuri yana kallon duniyarmu, a daidai wannan lokacin zai ga mu ne muke ja da baya a tsakanin taurari.

Sau nawa, kuma na kwana nawa?

Wannan lissafi ne da ɗan aji huɗu na sakandare zai iya yi a bayan littafinsa. Da'ira tana da digiri 360. Makyuri na cinye ta cikin kwana 88, wato tana cin kimanin digiri 4.1 kullum. Duniyarmu na cinye tata cikin kwana 365, wato kimanin digiri 1 kullum. Ke nan a kowace rana Makyuri na ba mu ratar digiri 3.1. Kafin ta sake riskar mu, sai ratar nan ta cika digiri 360. Idan muka raba 360 da 3.1, za mu sami kimanin 116.

Ma'ana, duk bayan kwana 116 Makyuri ke giftawa tsakaninmu da Rana. Shekara na ɗauke da irin wannan zagaye uku da 'yar ɗoriya, shi ya sa ake samun ja da baya sau uku a yawancin shekaru, wani lokaci huɗu. Kowane ɗaya kuma yakan ɗauki kimanin mako uku. Babu wani abin ba-zata a ciki. Masana falaki na iya faɗin ranakun na shekaru ɗari masu zuwa, kamar yadda suke faɗin ranar husufi.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ranar 20 ga Oktoba 2019, Makyuri ta kai iyakar nisanta daga Rana ta ɓangaren gabas, ana iya hango ta ƙasa-ƙasa a yamma bayan faɗuwar Rana. Wannan shi ne lokacin da mai sassarfarmu ya kai gefen da'irarsa ya fara doso mu. A ranar 31 ga watan ta yi kamar ta tsaya, ta fara komawa yamma. A ranar 11 ga Nuwamba, tsakiyar ja da bayan ke nan, ta gifta daidai tsakaninmu da Rana. A wannan karon saitin ya yi daidai sosai, har masu madubin hangen nesa mai matatar haske ta musamman suka gan ta, ɗan ɗigo baƙi, tana ratsa fuskar Rana na kusan awa biyar da rabi. An fara ganin abin a Najeriya da Nijar da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, Rana ta faɗi kafin a gama. A ranar 20 ga Nuwamba ta sake tsayawa ta koma tafiyar gabas, zuwa 28 ga watan kuma ta zama abin gani da asuba ta gabas.

Gani ya kori ji. A wannan rana mutane sun ga da idonsu inda Makyuri take a tsakiyar ja da bayanta: tana wucewa ne ta gabanmu, a kan hanyarta ta kullum. Ba a samun irin wannan ratsawa a kowane zagaye, domin hanyar Makyuri ta karkace da kimanin digiri 7 daga tamu, don haka yawanci ta sama ko ta ƙasan Rana take bi. Ta gaba sai Nuwamba 2032.

Ba Makyuri kaɗai ke yin haka ba. Mas, jar duniyar nan, tana ja da baya na wata biyu da ɗoriya duk bayan kimanin wata 26. Nata ya fi sauƙin ganewa, domin mu ne a hanyar ciki, mu ke wuce ta. Kamar dai motarku ce ta wuce tirela a hanyar Kano zuwa Zariya: ta taga za ka ga tirelar na komawa baya, alhali gaba take yi. Zara, wadda muke cewa matar wata, ita ma tana yin nata na kimanin mako shida duk bayan wata 19.

Wannan 'yar juyawa ta ba masana wahala fiye da shekara dubu. Muddin an ɗauka duniyarmu ce a tsakiya ba ta motsi, sai an nemo dalilin da zai sa wata duniya ta koma baya. Batlamus, wanda ya rayu a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 2, ya ce kowace duniya na yin ƙaramin zagaye a kan babban zagayenta, kuma lissafinsa ya yi aiki daidai gwargwado. Sai a 1543 littafin Kofanikas ya fito da Rana a tsakiya. Da aka yi haka, ja da baya bai ƙara buƙatar wani bayani na musamman ba. Tsere ne kawai tsakanin masu gudu a layuka dabam-dabam.

To daga ina laifin ya samo asali?

Daga sunan. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun alaƙanta wannan duniya da Nabu, gunkinsu na rubutu da marubuta. Girkawa suka ba ta sunan Hamis, Rumawa kuma suka kira ta Makyuri, sunan abin bautarsu da suka ɗauka ɗan aike ne mai saurin tafiya, mai kula da fatauci da matafiya. Saurin da take yi a sama ya dace da ɗan aike. Daga nan masu duba da taurari suka gina tunaninsu: tun da ita ce duniyar saƙo da ciniki da tafiya, idan ta koma baya, to saƙo da ciniki da tafiya za su koma baya.

A lura da inda tsanin ya karye. Mutane ne suka raɗa wa wani dunƙulen dutse sunan ɗan aike, sannan suka dawo suna tsammanin dutsen zai yi halin mai sunan. Da Rumawa sun ba ta sunan gunkinsu na noma, da yau gero da dawa ake cewa tana lalatawa. A nan ne bambancin ilimin falaki da duba da taurari yake. Na farko yana auna inda abu yake, da nauyinsa, da gudunsa, kuma kowa na iya sake aunawa ya tabbatar. Na biyu yana ba wa matsayin abin ma'ana a rayuwar mutum, ba tare da nuna hanyar da tasirin ke bi ba.

Mu nemi hanyar da kanmu. Abin da duniya mai nisa za ta iya yi mana shi ne ta ja mu da nauyinta. Makyuri ƙarama ce, nauyinta kusan kashi ɗaya cikin 18 na duniyarmu, kuma ko a lokacin da ta fi kusa da mu, tazarar ta haura kilomita miliyan 75. Jan da wata ke yi wa duniyarmu ya fi nata kusan sau dubu goma, kuma watan bai taɓa goge wa kowa lambar waya ba. Abin da ke iya taɓa na'urori daga sama shi ne guguwar Rana. A Maris 1989 irin wannan guguwa ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na kusan awa tara. Wannan an auna shi, an san yadda ya bi ta manyan wayoyin lantarki, kuma ba ruwansa da inda Makyuri take.

Me ya sa yake kama da gaskiya?

Mu koma ga lissafinmu. Cikin kowane kwana 116, Makyuri na ja da baya na kimanin kwana 22. Wato kusan kwana ɗaya cikin kowane biyar. Idan ajinku ya rubuta tsautsayi ɗari da suka faru a shekara, na ɓatan biro da fashewar fuskar waya da saɓanin abokai, kusan 19 daga ciki za su faɗo a lokacin ja da baya, ko da Makyuri ba ta da hannu ko kaɗan. Masu duba kuma sukan ƙara abin da suke kira lokacin inuwa, kimanin mako biyu kafin a fara da mako biyu bayan an gama. Da wannan ƙari, kwanakin zargi sun kusa kai rabin shekara. Wanda ya shimfiɗa taru mai faɗin haka, dole ya kama kifi.

Sauran aikin ƙwaƙwalwarmu ce ke yi. Idan aka gaya mana makon nan na rikici ne, duk abin da ya karkace sai mu riƙe shi, mu ce ga shi nan. Saƙonni ɗari da suka isa lafiya ba ma ƙirga su. Tsautsayin da ya faru a sauran watanni kuma ba mu da sunan da za mu laƙaba masa, sai ya wuce mu manta.

Ga misali daga gida. A ranar 14 ga Maris 2024, manyan igiyoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gabar Afirka ta Yamma suka sami matsala. Intanet ta yi rauni ƙwarai a Najeriya da Gana da wasu ƙasashen yankin, harkokin banki suka tsaya wa mutane da yawa, aka kwashe kwanaki ana fama. Wannan rikicin sadarwa ne na gaske. A ranar kuwa Makyuri na kan tafiyarta ta gabas lafiya lau. Ba ta fara ja da baya ba sai 1 ga Afrilu. Masu tuna Oktoba 2021 ba su cika tuna wannan ba. Na 2021 faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Akwai kuma dalili na uku, wanda ya fi kusa da zuciya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Ya fi sauƙi mutum ya ce sama ce ta rikice da ya ce bai karanta saƙon ba kafin ya tura. A matsayin raha ba komai. Matsalar tana farawa ne idan ɗalibi ya jinkirta cike takardar neman gurbin karatu har wa'adi ya wuce don yana jiran Makyuri ta miƙe, ko ya ƙi bincika ainihin abin da ya ɓata aikinsa. Wanda ya ɗora wa Makyuri laifin aikin da ya goge a kwamfuta, ba zai koyi ajiye kwafi na biyu ba, kuma zai sake gogewa a watan da ba ta ja da baya.

Yadda za ku gwada da kanku

Gwajin farko na littafi ne. Ku sami littafi guda a aji, ku riƙa rubuta kowane saɓani ko tangarɗa tare da kwanan wata, har tsawon zango biyu na karatu. Sharaɗin shi ne kada masu rubutawa su duba ranakun ja da baya sai an rufe littafin, domin sanin ranakun zai sa hannu ya karkata. A ƙarshe ku ƙirga nawa suka faɗo a cikin makonnin, ku raba da yawan kwanakinsu, ku yi haka ga sauran kwanakin, ku kwatanta. Ku tuna cire ranakun hutu, kuma ku lura cewa makon jarrabawa na da nasa rikicin dabam.

Gwaji na biyu na sama ne. Makyuri ba ta taɓa nisa da Rana fiye da digiri 28 a idonmu, wato ƙasa da dunƙulen hannu uku idan an miƙe hannu sosai. Don haka ba a ganinta da tsakar dare, sai dai ƙasa-ƙasa a yamma kimanin minti 40 bayan faɗuwar Rana, ko a gabas kafin fitowarta. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya mun fi mutanen Turai sa'ar ganinta, domin duhu na saurin shiga a wurinmu, sai dai hazon hunturu kan ɓoye ta. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce, za ta nuna muku makon da ya dace. Kada kowa ya kalli Rana kai tsaye, ko da ido ko da madubi, domin tana iya makantar da mutum.

A tsakiyar ja da bayanta Makyuri na ɓacewa cikin hasken Rana, saboda haka wanda ke son ganin juyawar da idonsa, Mas ta fi masa. Lokacin nata ja da bayan, tana fitowa da magariba ta kwana a sama, ja jawur. Ku zaɓi taurari uku masu haske kusa da ita, ku zana su a takarda, ku sa ɗigo a inda take. Ku maimaita sau ɗaya a mako, a takarda ɗaya, na tsawon wata huɗu ko biyar. Idan kuka haɗa ɗigogin da layi, za ku ga ta yi gabas, ta tsaya, ta dawo yamma, ta sake miƙewa. Wannan lanƙwasar da ke kan takardarku ita ce alamar duniyarmu tana wuce Mas a kan hanya, da gudun kilomita 30 a sakan, mu kuma muna kanta.